Tu ko vous: yaushe mai koyon Faransanci zai sauya?

*Malam, barka da war haka. Na yi shekara guda ina koyon Faransanci a Kano, yanzu kuma na samu aiki a wata ƙungiya a Yamai, zan fara bayan salla. An koya mana cewa tu na aboki ne, vous na girmamawa. To yaushe ake tashi daga vous a koma tu, kuma wa ke farawa? Ina tsoron in yi wa babba rashin kunya, ina kuma tsoron abokan aiki su ɗauke ni mai girman kai.*

Barka kadai, Allah ya sanya albarka a aikin. Ka shiga da *vous* ga duk baligin da ba ka sani ba, ka zauna a kansa har sai an buɗe maka ƙofar *tu*. Yawan kwanakin da kuka yi tare ba ya buɗe ta, haka ma dariyar da kuka sha a wajen shan shayi. Mutum ne ke buɗe ta, kuma a ƙa'ida wanda ya fi shekaru ko ya fi muƙami shi ke da wannan haƙƙi. Idan ku sa'o'in juna ne, kowa na iya farawa. Wannan ita ce amsar a dunƙule, amma akwai wani abu da ke kayar da Bahaushe tun kafin a zo maganar sauyi, kuma da shi zan fara.

Mu a Hausa girmamawa tana zaune ne a cikin gaisuwa da laƙabi da rusunawa. Ka durƙusa gaban sarki ka ce "ranka ya daɗe", "Allah ya ja zamaninka", da wakilin suna na tilo, ba wanda zai ce ka yi rashin ladabi. Ka ce "Allah gafarta Malam, ka ji abin da ya faru?", magana ta yi daidai. Muna da *ku* na girmamawa, kamar yadda mace ke ce wa surukinta "Baba, kun tashi lafiya?", amma ba dole ba ne a kowace jimla, kuma ba wanda ke ce wa baƙon da ya tsayar a titi *ku* don kawai bai san shi ba. Faransanci ya ɗauki wannan nauyi ya ɗora a kan wakilin suna da aikatau. Shi ya sa ɗalibi Bahaushe yakan faɗi laƙabin daidai, ya sunkuyar da kai, zuciyarsa cike da ladabi, sannan ya ce *Monsieur le Directeur, est-ce que tu as reçu mon rapport ?* A kunnensa ya gama girmamawa tun da ya ambaci muƙamin. A kunnen daraktan kuwa, an ɗaga shi da hannun dama an sauke shi da na hagu.

Ko wanda ya fara jimla da *vous* bai tsira ba, domin mutumin da kake yi wa magana yana ɓoye a wurare da yawa cikin jimla ɗaya. Kuskuren da na fi ji a bakin ɗalibai shi ne irin wannan: *Vous pouvez me donner ton numéro, s'il te plaît ?* An fara da girmamawa, sai "lambarka" ta fito da *ton*, sai "don Allah" ta fito da *te*. Daidai shi ne *Vous pouvez me donner votre numéro, s'il vous plaît ?* Dalilin wannan zamewa shi ne *s'il te plaît* da *excuse-moi* da *assieds-toi* an haddace su ne a dunƙule a cikin aji, tsakanin abokai, har baki ya saba da su. Kafin ka tafi, ka ɗauki jimlolin da za ka riƙa faɗi kullum a ofis, kamar neman izini, ba da haƙuri, tambayar lokaci, miƙa takarda, ka maimaita su da ƙarfi da *vous* har su zama su ne ke fara zuwa bakinka: *excusez-moi*, *asseyez-vous*, *votre bureau*, *je vous remercie*. Abin daɗin shi ne aikatau na *vous* ya fi na *tu* sauƙi. Kusan duka suna ƙarewa da *-ez*, kuma sun fi kusa da asalin kalmar: *pouvoir* ya ba da *vous pouvez* amma *tu peux*, *venir* ya ba da *vous venez* amma *tu viens*. Waɗanda suka fita daga layi a lokacin yanzu uku ne za ka riƙe, *vous êtes*, *vous faites*, *vous dites*.

Yanzu mu shiga ofishin naka a ranar farko, mu bi mutanen ɗaya bayan ɗaya.

Wanda zai fara tarbarka wataƙila saurayi ne sa'anka, teburinsa kusa da naka. Zai miƙo hannu ya ce *Salut, tu viens de Kano, c'est ça ?* Nan babu jira. Shekarunku ɗaya, matsayinku ɗaya, shi ya riga ka zuwa wurin, kuma ya fara da *tu*, to ka mayar masa da *tu* nan take. Idan ka dage da *vous* bayan ya yi maka *tu* sau biyu sau uku, a nan ne tsoronka na biyu zai tabbata, domin abin da zai ji shi ne kana ja da baya, ba ka son a saba. A wuraren aiki da yawa, musamman ƙungiyoyin agaji da kamfanonin matasa, abokan aiki kan yi wa juna *tu* tun ranar farko. Ka kasa kunne a sa'o'in farko ka ji yadda mutanen da ke matakinka ke magana da juna, da yadda suke magana da na sama. Abin da na matakinka ke yi wa juna shi za ka bi. Amma idan ka ji tsohon ma'aikaci na yi wa darakta *tu*, kada ka kwaikwaya, ba ka san shekara nawa suka yi tare ba.

Sai darakta, dattijo mai furfura. Zai iya dafa kafaɗarka ya ce *Alors, tu es bien installé ?* Nan ne masu koyo ke faɗawa rami, su ce ai shi ya fara. Wannan *tu* ɗin daban yake da na saurayin ɗazu. Na saurayin yana cewa mu ɗaya ne. Na daraktan yana saukowa ne daga sama, irin na uba ga ɗa ko malami ga ɗalibi, kuma ba ya neman a mayar masa da irinsa. Kai za ka amsa *Oui, je vous remercie, Monsieur.* Yana yi maka *tu*, kana yi masa *vous*, kuna iya shekara goma a haka ba tare da wani ya ji an ƙware shi ba. Akwai misalin da duniya ta gani ranar 18 ga Yuni 2018, a wajen wani bikin tunawa a Mont-Valérien kusa da Paris, inda wani yaro ɗan makaranta ya kira shugaba Emmanuel Macron da laƙabin wasa na "Manu". Macron ya tsaya ya gyara masa, ya ce ya kira shi shugaban ƙasa ko *Monsieur*, kuma duk gyaran da *tu* ya yi masa shi. Babba ya yi wa yaro *tu* a daidai lokacin da yake neman yaron ya girmama shi, kuma a tsarin harshen babu karo tsakanin biyun.

Hanyar gane wane *tu* aka yi maka ita ce ka tambayi kanka: wannan mutumin, zan iya kiran sunansa gatsau, ba *Monsieur*, ba muƙami? Idan amsar a'a ce, to *tu* ɗinsa ba gayyata ba ce.

Gayyata ta gaskiya da baki ake furta ta, kuma kalmominta sanannu ne. Faransanci na da aikatau na musamman don wannan, *tutoyer* wato yi wa mutum *tu*, da *vouvoyer* wato yi masa *vous*. Mu ce shugabar sashenku, wadda ta girme ka da shekara goma sha biyar, bayan wata biyu ta ce maka *On peut se tutoyer*, ko *Tu peux me dire tu*. To ƙofa ta buɗe. Ka ce *Avec plaisir* ko *D'accord, merci*, kuma jimlarka ta gaba ta zo da *tu*. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya ga wanda ya tashi da kunya irin tamu. Bakinka zai ƙi, za ka ji kamar ka kira yayar mahaifiyarka da sunanta. Idan mutumin ya girme ka sosai har ka ji ba za ka iya ba, akwai hanyar faɗi cikin ladabi: *Je vais essayer, mais il me faudra un peu de temps*, wato zan gwada amma sai a hankali. Ana karɓar wannan daga yaro zuwa dattijo, su ma Faransawa da yawa sukan shekara da shekaru suna yi wa surukansu *vous* alhali surukan na yi musu *tu*. Abin da ba shi da kyau shi ne a gayyace ka, ka ce to, sannan ka ci gaba da *vous* kamar ba a yi maganar ba. Mutum zai maimaita sau ɗaya, wataƙila sau biyu, daga nan ya ɗauka ba ka so, ya koma *vous* shi ma, kuma da wuya ya sake tayi.

Game da mata abokan aiki, ko sa'arka ce, shawarata ka bar ta ta fara. Tsohuwar ƙa'idar ladabi ta Faransawa ma haka ta ce, mace ke yi wa namiji tayin *tu*. A Yamai, inda akasarin mutane Musulmi ne kuma kunya tsakanin maza da mata tana nan, saurin yi wa matar aure *tu* na iya zama shisshigi. Akwai matsakaicin mataki da ake mantawa da shi a aji: ka kira mutum da sunansa na yanka, ba *Madame* ba *Monsieur*, amma ka riƙe *vous*. An saba, an san juna, kuma kowa na riƙe da mutuncinsa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa har su yi ritaya.

Wurin da na fi so ka kula shi ne direban ƙungiya da mai gadi da mai shara, musamman idan dattawa ne. Za ka ji wasu ma'aikata na yi musu *tu* kai tsaye, su kuma suna amsawa da *vous*. Kada ka bi wannan. *Tu* da ke sauka a kan dattijo don kawai albashinsa bai kai naka ba yana da tarihi mai ɗaci a wannan yanki, domin haka Turawan mulkin mallaka na Faransa suka riƙa yi wa ɗan ƙasa *tu* komai furfurarsa, shi kuwa dole ya amsa da *vous*. A Faransa kanta maganar ta kai har cikin doka: ƙa'idar aikin 'yan sanda da jandarmomi da ta fara aiki a 2014 ta ce mu'amalarsu da jama'a sai da *vous*, saboda an daɗe ana kukan yadda ake yi wa matasan unguwannin talakawa da 'ya'yan baƙi *tu* na raini a wajen bincike. Ka yi wa dattijon direba *vous*. Idan shi ya ce maka *tu*, shekarunsa sun ba shi. Mai yiwuwa ma ka tarar yana jin Hausa, sai ku koma harshen gida ka ce masa Baba ko Malam, magana ta ƙare.

Yara ƙanana kuwa *tu* ne kai tsaye, ɗan mai gidan hayarka ko ɗan darakta, duk ɗaya. Matashin da ya fara zama saurayi, ɗan shekara goma sha shida zuwa sama, idan ba ka san shi ba kuma a wurin aiki kuka haɗu, ba laifi ka fara da *vous*.

To idan kai ne kake ganin lokaci ya yi fa? Tsakaninka da sa'anka, wanda kuka yi makonni kuna cin abincin rana tare amma har yanzu kowa na *vous*, kana da damar tambaya: *On peut se tutoyer ?* Sai ka saurari amsar da kyau. *Bien sûr* ko *Oui, si tu veux* amincewa ce, ga *tu* nan ma ya fito a ciki. Amma idan aka ce maka *Si vous voulez* ko *Comme vous voulez*, ka lura *vous* na nan daram a cikin amsar. An ce maka to da baki, an ce a'a da nahawu. Ka ci gaba da *vous* ɗinka, kada ka ji haushi, wasu haka tarbiyyarsu take. Ga na sama da kai kuwa, kada ka yi wannan tambaya sam.

Idan ka rasa inda aka dosa, misali kun haɗu da wani a taro kun yi hira jiya, yau ka manta da wanne kuka rabu, kana iya ɗan kewayawa da jimlolin da ba su da ko ɗaya: *Ça va ?*, *Bien dormi ?*, *On se voit à dix heures ?* Su ma masu harshen haka suke yi, suna jira ɗayan ya fara. Dabarar minti biyu ce, ba ta ɗaukar doguwar hira. Ka dai san *salut* gaisuwar masu *tu* ce, *bonjour* kuwa ta kowa ce.

Bayan an sauya ba a komawa. Wanda kuka koma *tu* da shi jiya, idan ka zo yau da *vous*, zai tambayi kansa laifin me ya yi maka, domin komawa *vous* hanya ce da masu harshen ke nuna fushi ko yanke zumunci. Inda aka yarda da komawar shi ne wurin da hukuma ke magana: taro a gaban baƙi ko wakilan gwamnati, da wasiƙar aiki mai hatimi. A can za ka ji shugabar da ke yi maka *tu* a ofis ta ce *Monsieur* da *vous*, ku fito ta koma *tu*. Ka bi ta yadda ta bi. Sannan kada ka rikice idan ta ce *vous* kuna ku uku a tsaye, wannan jam'i ne kawai, *ku* ɗinmu na yau da kullum. A rubuce ana iya bambancewa, domin *vous* na girmama mutum ɗaya ba ya jan sifa zuwa jam'i: *vous êtes prêt* ga namiji ɗaya, *vous êtes prête* ga mace ɗaya, *vous êtes prêts* ga jama'a. A saƙon waya ko imel, abin da kuke yi baki da baki shi za ka rubuta, wanda ba ku taɓa haɗuwa ba kuwa *vous* ne.

Zai taimaka maka ka daina fassara *vous* da girmamawa kawai. Bafaranshe *tu* yake ce wa uwarsa da ubansa da kakarsa, ban da 'yan tsirarun gidaje masu riƙe da tsohuwar al'ada. A fassarar Fatiha da aka fi karantawa da Faransanci, "Kai kaɗai muke bauta wa" da *Toi* ta zo, wato ɗan'uwan *tu*, Kiristocin Katolika masu Faransanci ma tun 1966 da *tu* suke karanta addu'ar Ubanmu. Ba wanda ya fi waɗannan cancantar girma. Abin da *vous* ke aunawa shi ne tazara: ban shiga gidanka ba, ban ɗauki abin da ba ka ba ni ba. Shi ya sa ya dace da baƙo ko da ƙaninka ne a haife, kuma shi ya sa nacewa a kansa tsakanin abokai ke zama sanyi.

Titin Yamai zai nuna maka wani abu daban da na littafi, kada ya ruɗe ka. A kasuwa da tasha da cikin tasi, a Yamai ko Kwatano ko Yawunde, *tu* ya fi yawo fiye da yadda yake yi a Faransa, kuma sau da yawa laƙabi ke ɗauke da ladabin kamar a Hausa: *Maman, tu vends ça combien ?*, *Mon frère, tu vas où ?* Mai sayar da tumatir ba za ta ji an raina ta ba. Wannan Faransanci ne na gaske, na masu wurin, kuma za ka iya yinsa a inda ake yinsa. Haɗarin shi ne ya fi kama da Hausa, don haka ya fi saurin kama baki, sai ka wayi gari ka shiga da shi banki, ko ofishin jakadanci, ko gaban jami'in kan iyaka, ko likita. A waɗannan wurare *vous* ne, ko da jami'in ya yi maka *tu*. Idan wata rana aiki ya kai ka Faransa, can ko mai sayar da burodi *bonjour* da *vous* ake yi masa. Idan kuma kana shirin jarrabawar DELF ta tantance iya Faransanci, mai jarrabawa *vous* za ka yi masa, amma a ɓangaren da ake ba ka rawa ka taka, sai ka duba wa aka ce shi ne: idan an ce abokinka ne ka yi *tu*, idan mai otal ne ko shugaban makaranta ka yi *vous*, domin zaɓen da ya dace yana cikin abin da ake ba maki a kansa.

Duk da haka *tu* zai kuɓuce maka wata rana a gaban darakta, musamman in ka gaji ko kana sauri. Kada ka tsaya dogon ban haƙuri, yana ƙara jawo hankali ne kan abin. Ka ce *pardon*, ka maimaita jimlar da *vous*, ka wuce: *Tu as… pardon, vous avez signé le document ?* Lafazinka ya riga ya gaya masa cewa koyo kake yi, kuma gyaran da ka yi nan take ya nuna masa ka san ƙa'idar. Wani lokaci ma a daidai nan ne babban zai yi murmushi ya ce *on peut se tutoyer*, in ya faɗa sai ka karɓa.